Ampili ko wurin ajiye baful?

"Maigida, a wa'azin jiya mutanen baya sun ce ba su jin malam, na gaba kuma sai toshe kunne suke. In muka sayar da ampilin nan mai wat 100 muka sayo mai 200, ba zai kai murya nisa ninki biyu ba?"

A'a, ɗana. Kuɗinmu zai tafi, na baya kuma da ƙyar za su lura an canza wani abu. Jawo benci ka zauna.

Ka taɓa haska tocila a bango da dare kana ja da baya? In ka ninka nisanka da bangon, hasken yana faɗaɗa ninki biyu a kwance, ninki biyu a tsaye. Wurin da ya rufe ya zama ninki huɗu ke nan, alhali tocilar ba ta ƙara wuta ba, don haka kowane taƙi na bangon kashi ɗaya cikin huɗu ya samu. Haka sauti yake a fili. In abu ƙarami yana ƙara a sarari, sautin yana bazuwa kamar ƙwallo mai kumbura: a metir 1 fatar ƙwallon metir murabba'i 12 da rabi ce, a metir 2 ta kai 50. A littafi ga yadda ake rubuta shi, tare da lissafin desibel, ma'aunin ƙarar sauti:

```
I = P / (4πr²)
L = 10 log(I / I₀),  I₀ = 10⁻¹² W/m²
```

Na farkon shi ne zancen tocila: P ƙarfin sautin da ke fitowa gaba ɗaya, r nisanka, I kuma abin da ya iso inda kake. Na biyun kuma, mai ba da L a desibel, ga abin da yake nufi. Tsakanin ƙaramin sautin da kunne ke iya kamawa, wato I₀ ɗin nan, da wanda ke sa kunne ciwo, akwai ninki miliyan sau miliyan. Ba mai iya aiki da irin wannan lamba. Shi ya sa aka ce duk lokacin da ƙarfin sauti ya ninka sau goma, a ƙara desibel 10 kawai. Ninki ɗari, 20. Ninki biyu kuwa desibel 3 ne, ninki huɗu 6. Desibel ba awon tiya ba ne da za ka ce biyu da biyu huɗu. In baful ɗaya na ba ka 90 ka jingina masa ɗan'uwansa, wajen 93 za ka gani, ba 180 ba.

To haɗa biyun. Ninka nisa yana raba ƙarfi huɗu, wato ya cinye desibel 6. Ninka ampili yana ba ka 3. Ka ga wanda ya fi wani hannu.

Mu ɗauki filin jiya. Duba takardar da ke bayan baful ɗinmu, an rubuta 96 dB 1W/1m. Ma'ana in ka ba shi wat 1 ka tsaya metir 1 a gabansa, desibel 96 za ka auna. Wat 100 ninki ɗari ne, ƙara 20, ya zama 116. Yanzu fara takawa. A metir 2 ya koma 110, a metir 4 ya koma 104, a 8 ya zama 98, a 16 ya zama 92. Mata da ke can gindin katanga, kusan metir 32, abin da ke isa gare su 86 ne. Kuma wannan in malam ya ɗaga murya ne ampili ya ba da iyakar ƙarfinsa. Maganarsa ta yau da kullum tana ƙasa da haka da desibel 10 ko fiye. Ga gurup yana ruri kusa da su, ga yara, ga masu kabu-kabu a titi. Magana tana son ta ɗara hayaniyar wuri da kamar desibel 10 kafin a fahimce ta ba tare da wahala ba, su kuwa ba su samu ba.

Kai kuma ka ajiye baful a kan tebur, dattawan sahun gaba na metir 2 da shi. Su 110, na baya 86. Tazarar desibel 24 ke nan, kuma ba ampilin da zai rage ta ko da ɗaya, domin duk abin da ka ƙara wa na baya ka ƙara wa na gaba. Da ampilin wat 200 na baya za su samu 89, dattawa 113. Nisan da zai ƙaru bai kai rabi ba: inda ake jin 86 zai matsa daga metir 32 zuwa 45. In ninki biyu kake so sai wat 400, in ma baful ɗin zai ɗauka. Ni na taɓa ƙona baful biyu a dare ɗaya wajen wani biki a nan Tawa ina wannan gardamar da kaina, wata uku ina biyan bashi. Kunne ma ba ya cewa sauti ya ninka sai an ƙara kusan desibel 10, wato wat 1000 a madadin 100.

Zancen dattawan nan kada ka ɗauke shi ƙorafi kawai. Masu kula da lafiyar ma'aikata suna sa iyaka a desibel 85 na awa 8, kuma duk ƙarin 3 yana raba lokacin biyu. A 100 minti 15 ne. Kai da ke tsaye jikin baful kullum kana murɗa maɓalli, in ka koma gida kunnenka na shuu, ka sani wataƙila an ci maka wani abu da ba ya dawowa.

Abin da ya kamata mu yi jiya ba ya cin kuɗi. Da mun ɗora baful a kan sanda, sama da kawunan mutane, mun karkata bakinsa wajen na baya, mun ja tabarmar farko har ta kai metir 4, da na gaba sun sauka zuwa 104, tazarar ta koma 18. Jikin mutane ma yana shan sauti, musamman siririn da ke fitar da "s" da "sh", wanda da shi ake rarrabe kalmomi. Baful a kan tebur cikin babbar rigar sahun gaba yake magana. Sannan mu ja fil mu kai baful na biyu tsakiyar fili, a metir 16. Yanzu matan katanga metir 16 ke tsakaninsu da shi, sun samu 92 a madadin 86. Desibel 6 ɗin da za ka saya da ampili ninki huɗu, ka same shi da fil da sanda.

Sai dai akwai tarko. Wuta a cikin fil nan take take isa, sauti a iska kuwa metir 350 yake yi a daƙiƙa a irin zafinmu. Wanda ke bayan baful na biyu zai ji shi, sannan na farko ya iso bayan kamar kashi 45 cikin dubu na daƙiƙa, magana ta riƙa yi masa kamar mutum biyu. In mikisa na da wurin jinkiri, ka jinkirta na biyun da wannan adadin. In babu, ka rage na gaba, kuma kada ka taɓa juya bakinsu suna kallon juna.

Lissafin desibel 6 ɗin nan na fili ne. Cikin masallaci ko zaure bango na maido da sauti, da ka yi nisa kaɗan sai ya daina raguwa haka, matsalarka ta koma amsa-kuwa. Dab da baful ma ba ya aiki, don a nan akwatin bai zama ƙaramin abu kamar ɗigo ba tukuna, yadda lissafin ke ɗauka. A fili kuma in iska na busowa daga wajen jama'a, na nesa za su samu ƙasa da lissafi, busasshiyar iskar hunturu kuma ta fi shan siririn sauti.

Gobe da safe kafin gari ya yi hayaniya, fito da baful ɗaya bakin fili. Sa ƙara mai tsayawa wuri ɗaya, kamar shuu ɗin rediyo da ba ta kama tasha ba, ka buɗe ma'aunin sauti na salularka. Lambar salula ba abin rantsuwa ba ce, amma bambanci tsakanin wuri da wuri tana nuna shi daidai gwargwado. Auna a metir 2, da 4, da 8, da 16, da igiyar awo, ba da taku ba. Rubuta su a takarda ka kawo mini.