Jefa ɗaya ta isa

"Oga, a manhajar garabasar da nake rubuta wa mai shagon nan, na ba 'sake gwadawa' nauyi 50, sabulu 30, katin waya 15, buhun shinkafa 5. Ina bin su ɗaya bayan ɗaya, kowanne in jefa masa ƙuri'a, wanda ya fara ci shi ne, in babu wanda ya ci in sake. Amma shinkafa da ƙyar take fitowa. Ina na kuskure?"

Ɗana, layin da ka jera su ne ya cuce ka. Na farko yana cin rabin jefa kafin kowa ya samu dama. Sabulu ba ya ganin ƙuri'a sai na gabansa ya faɗi, don haka rabonsa ya zama rabin 30, wato 15. Kafin a kai ga shinkafa sai uku sun faɗi a jere. In ka lissafa har da zagayen da ake sakewa, "sake gwadawa" na fitowa kusan sau 70 cikin 100, shinkafa kuma kusan sau 2 maimakon 5. Na ƙarshen layi kullum shi ke kwana da yunwa.

Ka tuno tef ɗin awo na tela. Shimfiɗa shi daga 0 zuwa 100, ka yanka wa kowa gwargwadon nauyinsa. Na farko ya ɗauki 0 zuwa 50. Sabulu ya ɗora daga nan, 50 da 30, ya tsaya a 80. Kati ya kai 95, shinkafa ta rufe a 100. Waɗannan lambobi, 50, 80, 95, 100, su ne tarin jimla: kowace tana gaya maka inda yankin mai ita ya ƙare. Sai ka rufe ido ka ɗora yatsa sau ɗaya. Duk wanda yatsa ya faɗa a yankinsa shi ya ci, kuma ko ka sauya musu jeri faɗin yankin kowa na nan yadda yake.

```python
import random
from bisect import bisect
from itertools import accumulate

nauyi = [50, 30, 15, 5]
tari = list(accumulate(nauyi))
r = random.random() * tari[-1]
zabi = bisect(tari, r)
```

`random.random()` na ba da lamba daga 0 zuwa ƙasa da 1, ba ta taɓa cika 1. A ce ta ba ka 0.87. Ka ninka da jimla, ka samu 87. Ta wuce 50, ta wuce 80, ba ta kai 95 ba, to katin waya ne, kuma `zabi` zai zama 2 tunda daga 0 ake ƙirge. `bisect` ba ya bin jerin ɗaya-ɗaya, raba shi biyu yake ta yi. Da abu huɗu ba za ka ji bambanci ba, amma da abu miliyan taki kusan 20 ya ishe shi.

In yatsa ya sauka daidai kan 50 fa? Na sabulu ne, don kowane yanki ya haɗa da farkonsa ban da ƙarshensa. In da hannu za ka rubuta kwatancen, `r < tari[i]` za ka sa.

Yanzu ka lura da `tari[-1]` ɗin nan, don a kansa na taɓa shan kunya. Ina sabon hannu na rubuta 100 kai tsaye, tunda a ganina jimlar ke nan har abada. Ran nan babbar kyauta ta ƙare, mai shago ya mayar da nauyinta 0. Tarin ya koma 50, 80, 95, 95, ni kuwa ina nan ina jefawa har 100. Duk jefar da ta kai 95 sai ta faɗa inda babu kowa, manhaja ta tsaya da `IndexError`, kusan mutum ɗaya cikin ashirin, ga layin masu saye suna kallona. Da daga jerin na ɗauko jimla, tef ɗin da kansa zai gajarce zuwa 95. Saboda haka ba dole nauyi ya cika 100 ba: 10, 6, 3, 1 daidai suke da naka. Abin da za ka tsare shi ne kada nauyi ya yi ƙasa da sifili, kuma kada duka su zama sifili.

Tun sigar 3.6, Python na da `random.choices` mai yin wannan aikin, kuma shi nake so ka yi amfani da shi. Sai dai ka kula da ƙofar da kake zuba lambobi: ɗanyen nauyi a `weights`, tarin jimla a `cum_weights`. In ka zuba tarin a `weights` ba zai yi ƙorafi ba, shiru zai yi ya mai da shinkafa mafi yawan fitowa, mai shago ya neme ka.

Kafin ka miƙa aikin, juya shi sau 100,000 ka ƙirga da `Counter`. Shinkafa ta fito wajen 5,000, ko da ɗari ɗaya sama ko ƙasa, ba komai. In ka ga 2,000, tsohon layinka na nan a wani wuri, ka kawo min in duba.