Neman ragin kuɗin hayar shago in kasuwa ta mutu

"Ina da shagon atamfa a Sakkwato, haya dubu 300 a shekara, ciniki ya tsaya cak kuma saura wata biyu kuɗin ya ƙare. Ya zan roƙi mai shagon ragi?"

Ɗan uwa, kar ka jira ranar ta cika, ka je tun yanzu, kuma kar ka kira a waya, ka taka da ƙafarka har gida bayan la'asar tare da dattijo ɗaya na layinku wanda Alhajin ke jin nauyinsa.

Ni bara haka ta same ni da damina, mutanen ƙauye duk suna gona, sai in wuni ban sayar da turmi biyu ba. Na ɗauki littafin ciniki na buɗe masa, na ce ranka ya daɗe ga watan azumi, ga Agusta, duba bambancin. Ban ce ya rage kawai ba, don in ka bar maganar a buɗe cewa zai yi sai ya yi shawara, shi ke nan ta shiririce. Na ce a hannuna akwai dubu 150 yanzu, sauran dubu 100 bayan kaka in manoma sun sayar da gero. Ya yi shiru, ya ce dubu 270. Na karɓa da godiya.

Wallahi kuɗi a hannu ne ya sa ya saurare ni. Kar ka ce za ka tashi in ba da gaske kake ba, shagon da ke bakin hanya akwai masu jiransa. In kun daidaita a rubuta a jikin rasit, a sa cewa ragin na bana ne ko na dindindin, dattijon ya sa hannu.