Babba ya riƙe hannunsa, ƙarami ya haɗa hoton

Malam, ina aikin koyon koyarwa a wata firamare a Tudun Wada. Hedimasta ya ce kowace Alhamis in haɗa 'yan aji biyar da 'yan aji biyu, manya su jagoranci ƙanana a wasan haɗa hoto da aikin hannu. Na gwada sau biyu. Cikin minti biyar manyan sun gama komai, ƙananan na zaune suna kallo, har wata ta yi kuka. Me zan gyara?

Ɗana, ba a ranar Alhamis matsalar take ba, a ranar Laraba take. Yaro ɗan shekara goma sha ɗaya idan ka ajiye masa guntayen hoto a gaba, abin da ya sani shi ne a gama da sauri malam ya yaba. Ba wanda ya taɓa gaya masa cewa yau aikinsa shi ne ya hana kansa yi. Saboda haka ka ware minti ashirin da manyan su kaɗai kafin ranar haɗuwa, ka raba su bibbiyu, ɗaya ya zama babba ɗaya ya kwaikwayi ƙarami. Ka tuna musu makarantar allo: gardi yana biya wa kolo karatu, amma bakin kolo ne ke maimaitawa har ya zauna.

Abin da za su gwada a wannan minti ashirin ɗin shi ne yadda ake taimako daki-daki. Idan ƙarami ya kafe, babba ya ƙirga goma a zuci bai ce komai ba, domin sau da yawa yaron tunani yake yi, ba kasawa ya yi ba. Idan bai motsa ba, sai tambaya: "Wane guntu ne yake da kunnen doki?" ko "Ina mai baki a miƙe?" Idan tambayar ba ta yi aiki ba, ya nuna da yatsa, ko ya ce, "Juya shi mu gani." Ɗaukar guntu a sa a mazauninsa kuwa na ƙarami ne shi kaɗai. Ka sa manyan su ɗora hannu a gwiwa har su saba. Sannan ka faɗa musu ƙarara cewa babu ranƙwashi, babu tsawa, babu "kai daƙiƙi ne". Yaranmu sun saba ganin monita da tsumagiya, in ba ka raba musu wannan da wancan ba za su ɗauka sarauta ka ba su.

Wajen haɗa su, tazarar aji uku da aka ba ka ta yi daidai. Kada ka haɗa wa da ƙani ko ya da ƙanwa, don faɗan gida zai biyo su aji. Mace da mace, namiji da namiji ya fi kwantar wa iyaye hankali. Kuma kada ka ɗauka wanda ke zuwa na ɗaya shi ne gwanin jagora. Sau da yawa na tsakiya ya fi haƙuri, saboda ya san zafin a yi bayani bai gane ba. Wanda ka haɗa da wani, ka bar su tare har ƙarshen zango, ka rubuta sunayen a takarda ka manna a bango. Idan yaran sun kai sittin-sittin, kada ka cusa su ɗaki ɗaya. Ka ɗauki rabi-rabi, ku shimfiɗa tabarmi a inuwa, ɗaya rabin ya zauna da malamin aji.

Aikin da ya fi dacewa a fara da shi shi ne su ƙera abin wasan da kansu, cikin mako uku. A makon farko kowane biyu su sami hoto ɗaya daga tsohuwar kalanda, girman rabin takardar A4, wato santimita 15 a 21, da kwali mai laushi irin na sukari ko na sabulu. Kwalin taliya mai kauri kada ka fara, almakashin yara ba ya cinsa, bakinsa kuma yana tauyewa. Ka tace hotunan da kanka tun a gida. Duk kalandar da ke da aya ko sunan Allah ka ajiye ta gefe, haka hoton Sarki ko na malami, ba abin da za a yayyanka a zubar a ƙasa ba ne. Ka nemi doki mai kwalliyar hawan sallah, ko mota, ko kayan marmari. Hoton da rabinsa sararin sama ne zai ba ka guntaye biyu shuɗaye da babu abin da ya bambanta su, nan ne kuka ke farawa.

Abin manne kuwa, cokali biyu na sitacin rogo a kofi ɗaya na ruwa, a dama a kan wuta har ya yi kauri ya washe, ya ishi yara ashirin. Ka dama shi da safen ranar, don bayan kwana biyu yana tsami. Ƙarami ne zai shafa da yatsa, siriri, har bakin takarda, babba ya daidaita hoton ya lallatsa daga tsakiya zuwa gefe. In sitacin ya yi yawa takardar za ta yi ƙuraje. A hunturun Zariya kwalin yana bushewa nan take ya lanƙwashe kamar kwasfa, don haka a jera su a danne da littattafai. A watan Yuli kuma ba zai bushe kafin a tashi ba, shi ya sa yanka sai mako na biyu.

Ranar yanka, babba ya juya kwalin ya ja layi uku da rula a baya: ɗaya a tsawo, biyu a faɗi, guntu shida ke nan. Layukan su ɗan karkace. In sun miƙe sak, guntayen za su fito iri ɗaya, yaro ya sa kowanne a ko'ina ya zauna, ba siffar da za ta nuna masa ya yi kuskure. Kafin a yanka, ƙarami ya zana alama ɗaya, tauraro ko kifi, a bayan kowane guntu da kuma jikin ambulan ɗin da za a zuba guntayen a ciki. In ka tsallake wannan, ran da ambulan biyu suka zube wuri ɗaya ka yi asarar duka biyun. Babba ke yanka. Almakashi ɗaya ya ishi mutum takwas, reza kuwa ka karɓe ta tun a ƙofa, ko ta fiƙe fensir ce.

A mako na uku su yi musayar ambulan. A darasin minti 35, biyar na zama, ashirin na aiki, biyar na ƙirga guntaye a mayar, sauran kuma ƙarami ya faɗa wa na kusa da shi guntun da ya fi ba shi wuya. Kai kuma yayin da kake zagayawa, hannuwa za ka kalla, ba hoton ba. Idan hoton yana fuskantar babba, ko ƙarami ya koma wasa da murfin biro, an ƙwace masa aikin. Kada ka tsawata a gaban ƙaramin, ka juya hoton ya fuskance shi ka wuce. Wanda ya haɗa shida cikin ƙasa da minti uku, a raba manyan guntayensa uku gida biyu su zama tara. Wanda ya wuce minti goma yana fama, shi kaɗai ne babba zai ajiye wa guntu biyu na sama a mazauninsu, ya bar masa huɗu.