Me zan faɗa wa ƙungiyar gama kai don ta zuba min jari a ɗinki?

Tambaya: Ni tela ne a Gusau, shekarata biyu da samun 'yanci daga maigidana. Ƙungiyar gama kai da nake zubi a cikinta ta ba ni minti biyar a taron ƙarshen wata in nemi jari. Ina son keken wibin, wanda ake ɗaure bakin yadi da shi don kada ya warware. Ta ina zan fara?

Amsa: Ƙanena, kafin ka tsara magana, ka yanke abin da kake nema, domin jari da bashi ba ɗaya ba ne, kuma dattawan da za su saurare ka sun san bambancin. Idan jari ne na mudaraba, riba za ku raba bisa kason da aka yi yarjejeniya, kamar kashi 60 naka, 40 nasu. In aka yi asara ba da sakacinka ba, dukiyarsu ce ta tafi. Wannan kan sa su ja da baya, don kuɗin na mambobi ne, kuma ba mai iya zama a shagonka yana ƙirga riguna. A ganina, ga keke guda murabaha ta fi dacewa: su sayi keken da kansu, ya zama nasu, sannan su sayar maka da ribar da kowa ya sani, ka biya kaɗan-kaɗan. Babu kuɗin ruwa a ciki, kuma ka san yadda mutanenmu ke gudunsa.

Sai lissafi, wanda shi ne cikin jawabin. Kada ka ce keken zai kawo ci gaba. Nuna musu kuɗin da ke fita daga aljihunka yanzu saboda rashinsa. Ga misali, kai kuma ka sa alƙalumanka na gaskiya. A ce kana kai kaya 25 wibin duk mako a shagon maƙwabci, kowanne naira 300. Naira 7,500 ke nan a mako, 30,000 a wata. Cire kuɗin zare da man janareta, a ce 8,000, saura 22,000. In keken 150,000 ne suka sayar maka 165,000, biyan 15,000 a wata zai kammala shi a wata 11, ka rage 7,000 na ko-ta-kwana.

To ga yadda zai fito a bakinka:

"Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe shugaba, iyayena da yayyena, na gode da wannan dama. Kaftani da jamfa nake ɗinkawa, keke ɗaya gare ni. Duk wata ina biyan 30,000 a waje don a yi min wibin, ga littafina. Roƙona ku sayi keken, ku sayar min da ribarku. Zan riƙa biyan 15,000 duk wata daga kuɗin da da ma nake kashewa. A watan azumi da gabanin Babbar Sallah zan ninka, in Allah ya yarda mu gama a wata tara."

Maganar Sallar nan ka riƙe ta da kyau. Kowa a wurin ya san tela ba ya barci a goman ƙarshe na azumi, ya kuma san yadda shago ke yin tsit da damina, lokacin da kuɗin mutane ya tafi taki da noma. Matasa da yawa da cinikin Sallah suke lissafin shekara, ma'aji kuwa yana jin adadin zai gane. Saboda haka ka gina biyan wata-wata a kan watan da ciniki ya fi mutuwa. Idan a irin wannan watan kaya 12 kawai kake kaiwa a mako, 15,000 ta yi maka nauyi, sai ka nemi 8,000 da damina, ka cike giɓin da kaka, lokacin bukukuwan aure. Haka kuma kada ka sa kuɗin wibin da wasu teloli za su kawo maka cikin lissafin. Ambace shi a matsayin ƙari kawai, tunda ba ka gan shi ba tukuna.

Ka je da littafin da kake rubuta awo da kafin alƙalami, ko da ya sha maiƙon keke, da farashin keken a rubuce daga shaguna biyu, da kaftani guda da ka gama. Juya musu cikinsa su ga bakin yadin da aka yi wa wibin, domin wasunsu ba su taɓa lura da shi ba.

Za a tambaye ka wa zai tsaya maka, da abin da za ka yi idan keken ya lalace ko babu wuta. Ka samu mambobi biyu da suka amince tun kafin ranar, ka san mai gyaran da za ka kira. Ka kuma leƙa wurin sakatare ka ji ƙa'idarsu, don ƙungiyoyi da dama suna auna abin da za su bayar ne da yawan zubin da mamba ya tara.