Gwiwar hannu ta ce 2, maki ya ce 3: wanne za a bi?

"Assalamu alaikum. Ina rarraba masu sarin albasa na nan Sakkwato da k-means. Zanen gwiwar hannu ya nuna min rukuni 2, amma `silhouette_score` ya fi girma a 3. Wanne zan ɗauka?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na sha gamuwa da wannan a wurin aiki, kuma galibi ido ne zanen yake yaudara. Ɗauki biro mu gwada da 'yan kasuwa tara, ga buhunan da kowa yake sayarwa a rana: 2, 3, 4, sai 10, 11, 12, sai 30, 31, 32. Ko yaro ya duba zai ce kashi uku ne.

Abin da ake zanawa a zanen gwiwar hannu shi ne `inertia_`, wato a auna tazarar kowane mutum da tsakiyar rukuninsa, a ninka ta da kanta, a tara duka. A k=1, wato idan yawan rukuni ɗaya ne, za ka samu 1254, a k=2 ta faɗo 102, a k=3 ta zama 6, a k=4 kuma 4.5. Faɗuwar farko ta yi girman da za ta danne sauran, sai layin ya yi kamar ya lanƙwashe a 2. Amma duba da kyau: daga 102 zuwa 6 raguwa ce ninki 17, daga 6 zuwa 4.5 kuwa kusan ba a samu komai ba. Shi ya sa nake karanta lambobin kansu kafin in kalli zane. Kada kuma ka nemi inda `inertia_` ta fi ƙanƙanta, domin kullum sauka take yi har ta kai sifili ranar da kowa ya zama rukunin kansa.

Shi makin `silhouette_score` wata tambayar yake yi: mutumin nan ya fi kusa da 'yan rukuninsa ko da maƙwabta?

```
s = (b - a) / max(a, b)
```

`a` matsakaicin nisansa da 'yan rukuninsa, `b` kuma da rukunin da ya fi kusa, sakamakon yana tsakanin -1 da 1. Mai buhu 12, a k=2 an cusa shi cikin masu buhu 2 da 3, don haka a=6, b=19, makinsa 0.68. A k=3 ya samu a=1.5, b=9, ya hau 0.83. Matsakaicin duka tara ya tashi daga 0.83 zuwa 0.87, a k=4 ya faɗo wajen 0.6. A nan 3 ce amsa.

Sai dai ratar 0.83 da 0.87 ba ta da yawa, don haka a naka bayanan kada ka tsaya kan matsakaici kaɗai. Kira `silhouette_samples` ka duba rukuni-rukuni. In ka ga wani cike da maki ƙasa da sifili, an ajiye mutane inda ba gidansu ba.

Kuma in ka haɗa kuɗi da yawan buhuna, to ka fara bi da su ta `StandardScaler` don a daidaita ma'auninsu, in ba haka ba dubban nairori za su shanye tazarar baki ɗaya. Ka sa `n_init=10` don a gwada rabon sau goma, ka sauya `random_state` don a fara daga wani wuri daban, ka ga ko rukunan uku za su sake fitowa da mutanensu.