Sun ce na fi ƙarfin aikin, me zan ce musu?

Tambaya: Malam, shekara 9 na yi ina harkar sari, da yara 6 a ƙarƙashina, kuma ina da digiri na biyu. Harkar ta tsaya, yanzu ina neman aikin kula da sito a wani kamfani. Sau biyu ana ce min a intabiyu na fi ƙarfin aikin. Me zan ce su yarda zan zauna?

Amsa: Ɗan'uwa, lissafin asara suke yi. Duk wanda suka ɗauka sai an yi watanni ana koya masa tsarin kamfani ana biyansa albashi kafin a fara morarsa. In ya tafi bayan wata 8, sai a sake talla, a sake intabiyu, a sake koyarwa. A kanka kuma tsoron ya ninka, domin suna ganin jari za ka tara ka koma kasuwa, kuma wanda ya saba ba da umarni da wuya ya karɓa daga wanda bai kai shi shekaru ba.

Saboda haka rantsuwa ba za ta yi maka aiki ba, kowa yana yin ta. Kada kuma ka ce "ko wane aiki ne ina so", domin sun san mai faɗin haka yana samun wanda ya fi zai tafi.

Ka fara da tambayarsu cikin ladabi: "Ranku ya daɗe, me ya fi damunku, albashin ne ko zaman?" In sun ce zaman, ka kawo hujjar da za su iya bincikawa, kamar haka: "Shekara 9 na yi a harka ɗaya ban sauya ba. A cikinta abin da na fi iyawa shi ne lissafin kaya, shigarsu da fitarsu, shi ne kuma aikin nan. Na ga albashin, na auna shi da buƙatun gidana, ya ishe ni. A wata 3 na farko zan ƙirga kayan sito in daidaita su da abin da ke littafi, in fitar muku da waɗanda suka daɗe ba sa tafiya."

Maganar albashin nan kada ka faɗe ta sai ka zauna ka yi lissafin da gaske. In bai isa ba, za a gani a fuskarka tun a ɗakin.

Batun umarni kuwa, ka ambaci lokacin da ka bi tsarin wani ko da ba ka so, misali sharuɗɗan kamfanin da kake sarin kayansa.

Kada ka ɓoye digirinka in fom ya tambaya, domin ranar da aka gano, amana ta tafi. In suka nemi alƙawarin shekaru, faɗi abin da za ka iya cikawa, ko shekara 2 ce, kuma ka karanta sharaɗin ajiye aiki kafin ka sa hannu.