Taswirar gona da jirgi marar matuƙi

Tambaya: Gonar masarata hekta 20 ce, amma in na haɗa hotunan da jirgin ya ɗauka sai taswirar ta fito a karkace. Ina matsalar?

Malam, masara duk kamarta ɗaya daga sama, manhaja ba ta samun alamar da za ta kama. Jirgin ya tashi sama mita 100, hotuna su hau juna kashi 80 gaba, 70 gefe, kuma kada ya tashi lokacin da ake iska, domin ganye na motsi. Ka shimfiɗa alamomi biyar masu baƙi da fari, huɗu a kusurwoyi, ɗaya a tsakiya, kafin tashi. Kada ka auna wurin da suke da waya, kuskurenta ya kai mitoci. In maganar iyaka ce, nemi safiyo mai lasisi ya auna.